An ba ni kwana biyu in amsa tayin aiki a Marwa, yaya zan nemi ƙarin lokaci?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku ina aikin akanta a wani kamfanin sayar da kayan gini a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Yau Laraba wata ƙungiyar agaji ta kira ni, sun ɗauke ni aiki a Marwa, amma suna son amsa kafin azahar ɗin Juma'a, in fara ɗaya ga wata, wato nan da kwana 12. Albashi kawai suka faɗa mini a waya, sefa 230,000, ban ga takarda ba. Mahaifina yana ƙauye sai Lahadi zan gan shi, maiɗakina kuma tana da juna biyu. Ina tsoron in nemi lokaci su ba wani.

Wani ɗan kasuwa, Kuseri: Wa alaikumus salam. Malam, ka ce musu eh kawai. In daga baya ka ga bai yi maka ba, sai ka janye. Mutum nawa ke yawo da takardun makaranta a jaka babu aiki? Na biyu a jerinsu yana nan riƙe da wayarsa yana jira.

Hajiya, tsohuwar jami'ar ɗaukar ma'aikata, Marwa: Ƙanena, ɗan'uwanmu na Kuseri ya yi gaskiya cewa akwai na biyu a jeri, amma ban yarda da amsawa a janye ba. Masu ɗaukar aiki a ƙungiyoyin Marwa sun san juna, wanda ya bar wannan ofis gobe ka same shi a wancan. Ranar da ka ce eh suke sallamar sauran, in ka janye sai su sake faro komai, kuma ba sa manta sunan wanda ya sa su hakan.

Abu biyu ka haɗa wuri ɗaya, sai ka raba su: ranar ba da amsa daban, ranar fara aiki daban. Ta farko ita ce mai sauƙin ɗagawa, domin sau da yawa wanda ya kira ka ne ya saka ta don ya rufe fayil kafin ƙarshen mako. Kada ka ce "ku ba ni ɗan lokaci in yi tunani", wannan a kunnenmu yana nufin kana jiran wani wuri. Ka ambaci rana, ka ɗaura ta a kan abin da ke hannunsu, wato takarda. Ga abin da zan rubuta da ni ce kai, sai ka mai da shi Faransanci:

"Na gode da zaɓena da kuka yi, kuma ina son aikin nan. Tunda zai sa in tashi daga Garwa zuwa Marwa da iyalina, ina roƙon ku turo mini kwantiragin ko takardar tayi in karanta, zan ba ku amsa ta ƙarshe ranar Talata kafin ƙarfe 12 na rana."

Talata na ce, ba mako biyu ba. Daga Juma'a zuwa Talata kwanakin aiki biyu kawai ka ƙara musu, kai kuwa ka samu Asabar da Lahadi ka ga Baba. Ka kira gobe Alhamis da safe, ka faɗa da baki, sannan ka bi da saƙo a rubuce. Wanda ya jira sai Juma'a ƙarfe 11 ya nemi ƙari, shi ne ake ɓata wa rai.

Neman takardar ba rashin kunya ba ne. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce kwantiragi mai wa'adi da ya wuce wata uku, ko wanda zai sa ma'aikaci ya bar inda yake zaune, dole a rubuta shi. Naka kuwa tashi ne zuwa wani gari. In ta zo ka duba tsawon wa'adin, domin aikin ƙungiyoyi yakan bi kuɗin shirin da suke gudanarwa, wata shida ko shekara. Ka duba lokacin gwaji, ka duba ko 230,000 ɗin kafin a cire haraji da kuɗin CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata, ne ko bayan an cire.

Malamin makaranta, Ngaundere: Ni dai in Hajiya ta yi haƙuri, ba kullum ake dacewa ba. Bara wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni kwana ɗaya, na roƙi mako guda cikin ladabi, washegari suka ɗauki wani. Har yau abin yana yi mini ciwo. Gaskiya ban faɗi rana ba, kuma saura kwana huɗu a koma makaranta, ajin babu malami. Amma ka sani hakan na faruwa.

Wata 'yar'uwa, Injamena: Yaya, 230,000 a Marwa da haya da iyali ai bai kai ba. Ka ce su mai da shi 280,000, in sun ƙi ka zauna inda kake. Ko ka ce musu an kwantar da Baba a asibiti, ba wanda zai ƙi ba ka mako.

Mai tambaya: Ƙanwata, ba kuɗin ne damuwata yanzu ba, kuma ba zan ɗora wa mahaifina ciwon da ba shi da shi ba. Hajiya, maganar ɗaya ga wata fa? Maigidana na yanzu bai san komai ba.

Hajiya: Nan ne wuyar take, ƙanena. In kwantiraginka na yanzu marar wa'adi ne, ba ka tashi haka kawai, sai ka ba da sanarwa a rubuce, abin da muke ce wa fereyabi. Mai shekara ɗaya zuwa biyar a wurin aiki, in kategorinsa, wato matakinsa na aiki, na 1 zuwa 6 ne, wata ɗaya ne, na 7 zuwa 9 wata biyu, na 10 zuwa 12 wata uku. Duba takardar albashinka, kategorin yana jiki. A ce kai na 7 ne: kwana 12 ba su kusa da wata biyu ba, kuma in ka tafi ba sanarwa maigidanka yana da ikon neman kuɗin kwanakin da ba ka cika ba. Don haka ka faɗa wa mutanen Marwa wannan tun a kiran gobe. Za su fi ganin girmanka, domin su ma haka suke so a yi musu ranar da za ka bar su. Maigidanka yana iya yafe maka wani sashe in ka miƙa lissafi tsaf ka nuna wa wani aikin, amma ya sa hannu a takarda. Kuma kada ka ajiye aikin Garwa sai ta Marwa ta zo hannunka da sa hannu.

In suka ce Juma'a ba ta ɗaguwa, ka tambayi dalili. In sun ce mai ba da kuɗin shirin ya saka ranar, yana iya zama gaskiya, sai ka ce to su turo takardar a ranar Alhamis ɗin, ka kira Baba a waya, ka yi istihara da dare. In kuwa ba ƙarin rana kuma ba takarda, ni ba zan bar aikin shekara uku a kan muryar waya ba.

Ɗan kasuwa, Kuseri: Hajiya, na ji, amma in suka yi masa irin ta malamin Ngaundere fa, wa zai biya shi?

Hajiya: Ba wanda zai biya shi, kuma ban yi masa alkawarin za su yarda ba. Na malam aji ne babu mai koyarwa, na ƙanena na Garwa kuwa kujerar lissafi ce da aka yi makonni ana tantance masu nemanta.

Mai tambaya: Na duba takardar albashi, kategori na 6 ne, wata ɗaya ke nan. Gobe ƙarfe 8 zan kira su in nemi Talata. Abin da ban yanke ba shi ne ko in sanar da maigidana tun yanzu ko sai takardar ta iso, domin mutumin ya riƙe ni kamar ɗansa.