Wasan sarƙar kalmomi: katin "tuwo" ya tsare mu

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan zaure. A taimaka min. An ba Hanifa aikin gida, katuna 9, kowanne da kalma ɗaya, wai a jera su ta yadda gaɓar ƙarshen kalma za ta zama farkon ta gaba, kuma kada a bar ko ɗaya. Ga su: tuwo, daji, wata, kada, gida, batu, jika, taba, dawa. Tun bayan Isha muke kai. Mun yi gida, dawa, wata, taba, batu, tuwo, sai muka tsaya cik, ga uku a hannu. Yarinya har ta fara ƙwalla.

Sadiku Ƙofar Ƙaura: Wa alaikis salam Hajiya. Bayan tuwo ki sa wofi mana, sai fitila, a ci gaba.

Maman Hanifa: Sadiku, ba a ƙara kati. Waɗannan taran dai.

Malam Lawal Daura: Hajiya, ku daina jerawa tukuna, ku fara da ƙidaya. Ki duba farkon kowane kati, ki nemi wanda babu katin da ya ƙare da gaɓarsa. Gida ne, don babu mai ƙarewa da "gi". To dole shi ne na farko. Haka babu mai farawa da "wo", don haka tuwo ne na ƙarshe, ko an so ko an ƙi. Farkonku da ƙarshenku daidai ne. A mararraba kuka ɓata.

Maman Hanifa: Wace mararraba kuma, Malam?

Malam Lawal Daura: "Da". Katuna biyu ne ke farawa da ita, daji da dawa. Hanyar dawa miƙaƙƙiya ce har tuwo, in kin shiga ba dawowa. Ita kuwa daji zagaye take yi: daji, jika, kada, ga ki kin sake dawowa kan "da". To mai zagayen ake fara bi. Ba sai kun watsa abin da kuka jera ba ma. Ku buɗa tsakanin gida da dawa, ku cusa ukun nan. Tun 1736 wani masanin lissafi, Euler, ya yi irin wannan ƙidayar a kan gadoji bakwai na garin Königsberg.

Maman Hanifa: Gida, daji, jika, kada, dawa, wata, taba, batu, tuwo. Kai! Ya fita. Allah Ya saka, Malam.

Ummi Rafindaɗi: Ashe dabarar kenan: kullum a mararraba ka ɗauki hanya mafi gajarta.

Malam Lawal Daura: A nan dai ta dace da ita ce gajera, Malama Ummi, amma ba tsawon ake dubawa ba. Ko zagayen ya kai kati goma, shi ake fara bi, muddin zai maido ki. Kuma ƙidayar tana tona asirin katunan da ba su da mafita. Da akwai katuna biyu da babu mai shiga musu, misali gida da wani kamar rogo, to ko kwana za a yi ba za su jeru ba, sai a mayar wa malamin aikinsa.

Sadiku Ƙofar Ƙaura: Mu a majalisarmu da baki muke yi, ba kati, kuma da harafin ƙarshe. Ba ya daɗewa. Da wani ya ce gero, sai ofis, oda, Oktoba, shi ke nan an ƙure "o".

Ummi Rafindaɗi: Ai kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, Sadiku, shi ya sa. Ku koma gaɓa. Kuma in kana son kayar da mutum, tura shi kan "wo". Tuwo, ciwo, kiwo, yawo, awo, tsawo, duk suna hannunka, shi kuma in ya ce wofi sau ɗaya sai ya hau sosa ƙeya. "Ye" ma haka, ka ce ƙauye ya ce yekuwa, ka ce ganye ya yi zuru.

Baba Iro: Ni jikokina da baƙin ƙarshe suke son kama ni. Ɗaya ya ce malam, na ce lamba. Ya ce fensir, na ce sirdi. Da ya ce takwas sai da na sha shayi rabin kofi kafin kwastam ta faɗo min.

Malam Lawal Daura: Baba, a Japan suna da irinsa, shiritori. Can wanda ya kawo kalma mai ƙarewa da "n" shi ya faɗi, don babu kalmar da ke farawa da ita. Laifin na wanda ya toshe hanya ne. Ku gwada dokar a majalisa, Sadiku: wanda ya jefa kalma, in aka ƙalubalance shi, dole ya kawo ta gaba da kansa.

Sadiku Ƙofar Ƙaura: Za mu gwada. Amma ga rigimar jiya: na rubuta wuka a waya, wani ya ce kaza, na ce a'a, wuƙa nake nufi, sai dai ƙasa. Wa ke da gaskiya?

Ummi Rafindaɗi: Shi. Abin da ka rubuta ya gani.

Baba Iro: A'a 'yata, akwai wata aba wuka a Hausa? Kowa ya san me yaron ke nufi.

Maman Hanifa: Ku dakata, ni ma yanzu na lura, malamin da hannu ya rubuta katin nan, kuma kamar akwai ɗan lanƙwasa a kan b ɗin taba. Bari in kunna fitila in duba.