Wane littafi zan karanta kafin in je gaban mai gida?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah wa ya san littafi mai sauƙin Turanci ko ma na Hausa da ke bayanin haƙƙin ɗan haya? Mai gidanmu a Kubwa ya aiko ejan da takarda wai mu tashi nan da wata uku, mu kuma shekara-shekara muke biya tun 2019, ko sau ɗaya ba mu taɓa makara ba, ina so in gane abin da kaina ne kafin mu fara kashe kuɗi wajen lauya

Malam Bala Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Hajiya wata shida ne notis, duk Najeriya haka doka ta ce, kuma an hana karɓar kuɗin sama da shekara ɗaya a gaba. Akwai wani ɗan littafi da na saya a go-sulo wajen Bega, duk ya yi bayani, zan turo miki hotonsa

Barista Rabi: Malam Bala dan Allah duba shafin farko na littafin nan, ina kyautata zaton dokar haya ta Legas ta 2011 ya ɗauko. Ita ce ta hana karɓar sama da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma a Legas ta tsaya, ba ta aiki a Abuja. Haya kowace jiha da tata dokar. Mutumin Nyanya yana ƙarƙashin dokar Abuja, maƙwabcinsa na Mararraba kuma ta Nasarawa, na Suleja ta Neja, duk da mota ɗaya suke shiga da safe. Shi ya sa kafin in ce wa mutum sayi littafi nake cewa ya fara duba wace jiha aka rubuta wa

Malam Bala Gwarinpa: Kai gaskiya ne Barista, Legas ne a jiki. Amma wata shidan dai ban yi kuskure ba ko?

Barista Rabi: Ka yi daidai rabi. Maman Hanif, abin da zan ce ki fara karantawa ita ce dokar da kanta, ba ta da tsawo kuma kyauta ake samunta. Ki rubuta Recovery of Premises Act a waya ki haɗa da Abuja, ki je sashe na 8. Can za ki ga mai biyan mako-mako notis ɗinsa mako ɗaya, na wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, na shekara kuma rabin shekara. Amma sashen ya fara da sharaɗi, wato haka abin yake in babu wani abu daban da kuka rubuta a tsakaninku. In agrimen ɗin da kuka sa wa hannu ya ce wata uku, to wata ukun ne. Yawancin ƙananan littattafan nan wannan layin suke tsallakewa sai mutum ya je kotu da ƙwarin gwiwa a buɗe masa takardar da shi ya sa wa hannu

Maman Hanif: Innalillahi. Baban Hanif ne ya sa hannu, bari in ɗauko a durowa

Alhaji Sani: Ni fa mai gida ne, kuma ina ganin duk littattafan nan 'yan haya kawai suke koya wa taurin kai. Akwai wanda ya zauna min wata takwas a Lugbe bai biya ko sisi ba, da na ce zan cire ƙofa yarana suka hana ni

Barista Rabi: Alhaji yaran sun kyauta maka wallahi. Cire ƙofa ko kwano, yanke wuta da ruwa, fitar da kaya waje, duk wannan kai za a juyo a nemi diyya a wajenka ko da kai ke bin bashi. Hanyar ita ce notis na tashi, in ya ƙare bai fita ba a ba shi wata takardar ta kwana bakwai mai sanar da shi za ka je kotu, sannan ƙara, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum da umarnin alƙali. Kuɗin watannin da ya ƙara zama ma kana iya nemansu a cikin ƙarar. Dokar tana da samfurin fom-fom ɗin a ƙarshenta, kai ma za ta yi maka amfani

Maman Hanif: Na gani. An rubuta shekara ɗaya daga 1 ga Maris 2019 zuwa ƙarshen Fabrairu 2020, daga nan ba mu sake rubuta komai ba, biya kawai muke yi yana ba mu rasit. Maganar notis ban ga an ambata ba sam. Takardar tashin kuma ranar 1 ga Disamba aka kawo

Barista Rabi: To bisa abin da kika faɗa, tunda wa'adin farko ya wuce kuka ci gaba da biyan shekara yana karɓa, kun zama 'yan hayar shekara-shekara, kuma tunda ba a rubuta wani wa'adin notis ba rabin shekara ne haƙƙinku. In yana so ku fita ƙarshen Fabrairu, ya kamata takardar ta iso hannunku kafin Agusta ya fita. Ta Disamba ta gaza da wata uku. Ki tattara rasit duka, ki ɗauki hoton takardar, ki rubuta ranar da aka kawo da wanda ya karɓa. Amma kar ki kwanta a kan haka. A 2021 Kotun Ƙoli ta yi wani hukunci a wata shari'ar Legas inda aka nuna shigar da ƙara na iya gyara aibin notis, har yau lauyoyi na gardama a kan iyakarsa, kuma littafin da aka buga kafin nan ba zai faɗa miki ba. Ki fara neman gida a hankali kina tattaunawa da shi

Ummi Dutse: Anti Barista ni nawa na aiki ne, makarantar kuɗi da nake koyarwa sun sallame ni da saƙon waya bayan shekara uku, babu takardar ɗaukar aiki tun farko. Wani ya ce in sayi littafin Farfesa Sagay na kwantiragi

Barista Rabi: Littafi ne mai kyau Ummi amma na ɗaliban lauya ne, zai gajiyar da ke kafin ki kai inda kike so. Nemi Labour Act, sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku, sashe na 11 kuma ya ce daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar notis mako biyu ne, biyar zuwa sama wata ɗaya. Sai dai sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, to malama tana ciki ko tana waje, wannan sai an zauna an duba. Ko tana waje ba ki rasa hanya ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan, alat ɗin albashi na banki shaida ne cewa akwai aiki tsakaninku, kar ki goge saƙon nan

Malam Bala Gwarinpa: To na Hausa fa? tambayar Hajiya ta farko ke nan, mata da yawa a unguwarmu Turancin doka ba zai shige su ba

Ummi Dutse: Ni dai na zaga shagunan littattafai a Wuse ban ci karo da shi ba, na fiƙihu kan ijara kam akwai

Alhaji Sani: Shi ma ai ya isa, ku cika alƙawari kawai

Barista Rabi: Yana da amfani Alhaji, sai dai alƙali a Abuja kwanakin notis zai ƙirga daga Recovery of Premises Act. Maman Hanif in kin karanta sashe na 7 da na 8 nata wani layi ya shige miki duhu ki turo hotonsa nan mu fassara tare

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Wata tambaya, ejan ne ya sa hannu a takardar ba mai gidan ba, wannan ya halatta?

Barista Rabi: Yana iya yi in mai gida ya ba shi izini a rubuce kafin ya aiko. Ki tambaye shi ya nuna miki takardar izinin, cikin lalama