Lissafin SOP zuwa POS ya ƙi fita daidai, a taimaka

Salamu alaikum. Don Allah ku duba min wannan, ya tsaya min a rai. A lissafin Boolean ne, ina da F(A,B,C) = Σm(1,3,5,6) a tsarin SOP, wato sum of products, ana so in mayar da shi POS, wato product of sums. Na kwashi lambobin da suka rage, ya ba ni ΠM(0,2,4,7), har nan ba matsala. Wajen rubuta maxterm ɗin ne abin ya rikice, M2 wato 010 na rubuta shi (A'+B+C') kamar yadda nake yi wa minterm, amma da na saka A=0, B=1, C=0 sai ya ba ni 1, alhali a teburin gaskiya amsar wannan layin 0 ce. M0 ma haka.

Shin a maxterm, harafin da yake 1 ne ake sa wa alamar ', wato M2 = (A+B'+C)?