Wai me za mu kira wannan wutar da mita ke ɓoyewa a altaneta?

Mai Tsohuwar Mota: Salam jama'a. Wata biyu ina fama, in na ajiye mota kwana biyu sai an tura ni, na sai sabon batir shi ma sati uku ya fara kwanciya. Rewaya biyu suka ɗora mita a kan batir mota na slo suka ga 14.1V suka ce altaneta garau take, je ka rigima da mai batir. Sai wani dattijon rewaya ya murɗa mitarsa zuwa V~, wato gefen auna wutar AC, ya ɗora jan tsinke a kan noti na B+ da ke bayan altaneta, baƙin a jikinta, ya ce in kunna fitila da fanka, sai ga 0.8V. Ya ce dayod ne suka tafi. Na ce Baba wannan da ka auna me sunanta, ya ce masu boko ripul suke cewa, shi dai a garejinsa "datti" yake ce mata. Ina son in rubuta wa yaran da ke koyon aiki bayani da Hausa, to ripul da dayod ɗin me za mu kira su?

Direban Kano–Kaduna: Ai ƙara kenan. Tawa ma ta yi, tana wani gurnani in ka taka, aka canza mata boris shikenan. Ka ce ƙarar altaneta kawai.

Baba Rewaya: A'a direba, naka daban ne, boris da bel kunne ke jinsu a gaban mota, wannan kuwa a cikin waya take. Altaneta ba wutar batir take haifarwa kai tsaye ba, kwayil uku ne a ciki kowanne na ba da wuta mai kai-komo, sai ta bi ta dayod shida, uku ɓangaren fozitif uku ɓangaren negetif, su miƙar da ita ta koma mai tafiya gefe ɗaya. In duk shidan na aiki ɗan tudu-tudun da ke saura ƙanƙane ne, a V~ yawanci ƙasa da 0.1V nake gani a mai lafiya, in ta haura 0.5V ni dai sauke ta nake. To in ɗaya ya mutu sai a dinga samun rami duk zagaye, amma mita a gefen DC matsakaici take nuna maka, kuma regileta yana ƙara ƙoƙari ya cike gurbin, shi ya sa za ka ga sha huɗu ka yi murna alhali ba kaya a kanta. Ɗora mata fitila da esi ka gani ko za ta tsaya.

Malamin Firamare: Baba in haka ne fassarar a fili take, igiyar ruwa. Igiyar wuta kenan.

Mai Tsohuwar Mota: Malam in na ce wa yaro duba igiyar wuta wallahi waya zai je ya jawo min 😂

Ɗan Maraɗi: Mu nan altarnater muke cewa, shi ƙugin da ke shiga rediyo kuma farazit. Amma ni tun da Baba ya ce tudu da rami abin da ya faɗo min gargada ce. Hanyar burji in ta yi gargada, daga nesa shimfiɗe take, wanda ya hango daga bakin titi zai ce lafiya lau, sai ka hau ta haƙoranka su fara kaɗawa. Gargadar wuta.

Malamin Firamare: Kai wannan ta zauna. Na janye igiyata.

Baba Rewaya: Ɗan Maraɗi Allah ya yi maka albarka, ta fi dattin wancan dattijon. Amma kar ku haɗa ta da ta rediyo a suna ɗaya. Gargada ita ce cutar, shi wancan wiiii da ke tashi a sifika in ka ba da wuta ya sauka in ka saki totur alama ce kawai, kuma ba kullum dayod ba ne, wayar as ɗin amfilifaya in ba ta kama bodi da kyau ba haka take yi. Shi ku bar shi a ƙugi ko fito.

Mai Shagon Batir: Ni tambayata, gargadar ce ke shanye batir da dare? Don kullum mu ake zagi, mutum ya dawo da batir yana huci.

Baba Rewaya: A'a ɗana, mota a kashe ba gargada tunda ba abin da ke juyawa. Dayod mutuwa biyu gare shi. Ko ya yanke ya daina wucewa gaba ɗaya, nan caji ke raguwa batir ba ya ƙoshi, ko kuma ya huje ya dinga barin wuta tana komawa baya, to wannan ne ɓarawon dare, don babbar wayar B+ kullum a haɗe take da batir ko ka zare makulli. Wani lokaci da asuba ka taɓa altanetar ka ji ta da ɗumi injin kuwa sanyi ƙalau.

Mai Tsohuwar Mota: Haka dattijon ya gwada min. Ya cire kan negetif ya sa mita a 10A tsakanin kan batir da wayar, muka rufe ƙofofi muka jira kamar minti ashirin, tana tsaye a 0.9A. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya ba ta motsa ba. Sai ya raba mitar, ya kwance wayar B+ ya naɗe bakinta da tef, ya sake haɗawa, sai ga 0.03A. Batirina 60Ah ne, 0.9A sau awa 48 ya kai 43Ah, ka ga dalilin da kwana ɗaya take tashi da ƙyar, kwana biyu kuma sai turi.

Mai Shagon Batir: To wannan yoyo ne ai. Yoyon dayod. Zan rubuta in manna a shago.

Ɗalibin Poli: Na gwada yanzu a motar gidanmu a V~ ta nuna 30 da wani abu!! kenan tamu ta gama mutuwa?

Baba Rewaya: Kashe motar ka ɗora a batir haka nan, in ka ga ashirin da wani abu to mitarka ce irin ta araha da ba ta iya ware DC daga AC, ninka wutar batir kawai take yi, ba za ta yi wannan aikin ba. Kuma ku daina aunawa a kan batir, batir haɗiye gargadar yake, a bayan altaneta ake ji. Sannan don Allah a daina cire kan batir mota na aiki wai gwajin caji, wannan da haɗa jampa a juye su ke kashe dayod ɗin da nake canzawa.

Malamin Firamare: Saura shi dayod. Tunda gefe ɗaya yake bari a wuce, me zai hana bawul ɗin wuta, kamar na tayar keke, iska ta shiga ba ta fita.

Ɗan Maraɗi: Bawul ɗin ma ai aro ne Malam, ka ari kalma don ka kori aro? Ni mai gadi nake so, in ya yi barci ɓarawo ya wuce.

Ɗalibin Poli: Mai gadi ai fis ya fi dacewa da shi. A ce ɗan wanwe.

Baba Rewaya: Ku je Ƙofar Ruwa ku ce a ba ku mai gadin altaneta ku ga kallon da za a yi muku. Dayod ya riga ya shiga baki, farantin da suke kai kuma raktifaya, ku bar su haka. Bawul ɗin Malam ni zan ɗauka wajen koya wa yaro, don da shi zai gane me ya sa mita ke nuna kamar 0.5 ta gefe ɗaya, in ka juya tsinken ta nuna OL, wato wuta ba ta wuce ba, in kuma ta ba da lamba ta duka gefen biyu ya huje.

Mai Tsohuwar Mota: To na rubuta gargadar wuta, yoyon dayod, ƙugi na rediyo. Dayod na bar shi yadda yake sai wani ya kawo wadda ta fi.

Direban Kano–Kaduna: Baba tawa fa tun da aka canza boris ɗin fitilar batir na ɗan yin ja-ja da dare, ba sosai ba, sai ka kashe fitilar ciki za ka gan ta. Ita ma gargadar ce?

Baba Rewaya: Zai iya zama, zai iya zama burushi ne ya cinye ko waya ta saki. Kawo ta da safe kafin ka yi lodi.