Rubutun barka ga Inna daga ƙasar waje: in sa "ina nan tafe" ko in cire?

Ɗan Adar a Liyon: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ran Juma'a Inna za ta cika shekara 65 bisa ga abin da ke cikin takardarta. Tana Tawa, ni ina Faransa, kuma na daɗe ban sa ta a ido ba. Ga abin da na tsara in rubuta ƙarƙashin hotonta: "Barka da zagayowar ranar haihuwa, Innata. Kullum kina raina. Ina nan tafe ba da jimawa ba." Layin ƙarshen nan ne ya tsaya mini a rai, don takardar zamana ba ta fito ba tukuna. Wanda ya taɓa yi wa tsohuwa irin wannan alkawari a rubuce, yaya ta kaya?

Baban Halima, Abijan: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ta faru da ni. Farkon watan Yuli na 2023 na ɗora hoton Hajiyarmu na rubuta "watan gobe ina gida in sha Allah". Konje na hannuna, kuɗin mota na ajiye. Ɗiyar ƙanwata ta karanta mata, kuma ba a kai la'asar ba sai da unguwa duka ta ji cewa ɗan Hajiya na tafe. Ta sa aka gyara ɗakin zaure, ta ware kajin da za a yanka. Ran 26 ga wata aka yi juyin mulki, kwana kaɗan aka rufe iyakoki, hanyarmu ta Malanbil da Gaya ta toshe. Ban zo ba. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, amma ƙanwata ta ce da ta ji mota ta tsaya bakin gida sai ta miƙe. Maƙwabta kuma suna ta tambayarta "ina baƙon naki?", ita ce mai ba da amsa, ba ni ba. Abin da na gani ke nan: kai layi guda ka rubuta, ita kwana take ƙirgawa.

Maman Biyu, Yamai: Ni a gida nake, ni ke karanta ma Mamarmu abin da yayana ke rubutowa daga Amirka, to bari in faɗi ta wannan ɓangare. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su karanta boko, wasu ma ba su san ana wani rubutu ƙarƙashin hoto ba. Ranar farko da ya yi mata, da Faransanci ya zuba shi, dogo, mutane na ta yabawa. Na juya mata da Hausa, ta saurara har ƙarshe, ta ce "to shi ina muryarsa?" Tun daga nan sai ya fara da bokal ta WhatsApp, ya gaishe ta yadda ake gaida uwa, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, sannan ya ɗora rubutu. Bokal ɗin takan sa in maimaita mata har dare. Kuma ku lura da lokaci: idan ya tashi aiki da yamma can, nan dare ya raba. Yanzu yana turowa kafin ya kwanta, ta same shi bayan asuba.

Ɗan Konni: In dai gato ne kake son a kai mata, akwai masu yi a Tawa, ka aika kuɗi ta Nita ƙanenka ya karɓo, a sa sunanta a sama. Ni haka nake yi duk shekara.

Ɗan Adar a Liyon: Na gode, amma ba gato ne damuwata ba, maganar alkawarin ce.

Malam na Agadas: Kafin a kai ga alkawari, wace ranar haihuwa? Yawancin tsofaffinmu an rubuta musu 1 ga Janairu ne, ko shekara kawai ta kintace, don ba a asibiti aka haife su ba. Tawa mahaifiyar abin da ta sani shi ne tana da wayo lokacin da Kunce ya karɓi mulki a 1974. Kuma ni ban ga wannan biki cikin al'adarmu ba, malamai da dama ba su yarda da shi. Ka yi mata addu'a, ka aika mata abin cefane, ya wadatar.

Maman Biyu, Yamai: Malam, gaskiya ne ranar ta takarda ce, Mamarmu ma dariya take in an ce yau aka haife ta. Amma ba ƙidayar shekaru ke faranta mata ba, jin cewa ɗanta ya ambace ta gaban mutane ne. Batun halacci na bar wa masana. Abu guda dai da ya kamata a kula da shi: hoton. A tambaye ta kafin a ɗora. Tamu ta ce kada a sa wanda ba ta da mayafi, kuma tana tsoron bakin mutane, don haka satatu kawai muke sawa, ya yi kwana guda ya ɓace.

Tsohon ɗalibi, Tuluz: Ɗan Adar, tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce wace irin takarda kake jira. In sabuntawa ce, resepisenka, wato takardar wucin gadi da ake ba mai jiran katin zama, haɗe da tsohon kati da paspo mai rai na ba ka damar fita ka dawo muddin kwanan resepisen bai ƙare ba. In kuwa neman farko ne, ka fita da shi sai ka sake neman biza kafin ka koma, kuma nan mutane ke maƙalewa. Sannan tafiyar ba ta kwana guda ba ce. Ni da na je, ta Kazabulanka na bi, na sauka filin jirgin Diori Hamani, na kwana Yamai, washegari mota ta bi da mu Doso, Dutsi, Konni, sannan Tawa, sama da kilomita 500, wuni ya tafi. Konjen sati biyu, zuwa da dawowa sun ci kwana huɗu. Don haka ni ba na rubuta wata ko Salla sai abu uku sun haɗu a hannuna: takarda, konje da shugaban aiki ya sa wa hannu, da biye. In biyu ne kawai, ba na ambaton lokaci.

Kuma "ba da jimawa ba" ɗin naka ya fi ambaton wata haɗari, don kowa zai fassara mata yadda ya so. Lokacin da nake matsayinka ga abin da na rubuta: "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Furar da kike dama mini in na dawo lakwal har yau ban sha irinta ba. Takarda nake jira, ranar da ta fito ke za ki fara ji, kafin kowa. Ki ci gaba da sa mini albarka." Na faɗi abin da ya riƙe ni, na yi alkawarin da ke hannuna, wato labari, ba ranar zuwa ba.

Baban Halima, Abijan: Wannan ya yi, sai dai maganar takarda a fili ban so ta ba. Ba kowa ke maka fatan alheri ba, kuma gobe a ce ɗan wance zaman ɓoye yake. Ni zan bar wannan cikin bokal, tsakanina da ita, rubutun fili ya tsaya ga addu'a da furar.

Auta: Ni ban yarda a cire zuwan gaba ɗaya ba. Bara yayanmu ya rubuta addu'a zalla, Inna ta ce mini "bai ce komai a kan zuwa ba ko?", ta wuni ba walwala. A ganinta shirun na nufin ya fidda rai da gida. Ko ba rana, a dai ambata.

Ɗan Adar a Liyon: Sabuntawa ce tawa, sai dai resepisen saura wata guda ya ƙare, konje kuma ban nema ba tukuna. Tsohon ɗalibi, kai da ka je, da kati ka fita ko da resepise? Kuma wajen dawowa, a filin jirgin Yamai sun karɓa ba gardama?