Kafin ka tambayi ɗan tiransit kuɗin kwantena daga Kwatano

Abin da 'yan kasuwar Maradi suka fi nanatawa a zaman da muka yi da su shi ne, kar ka ce wa ɗan tiransit, wato mai fitar maka da kaya daga tashar jirgi, “nawa ne kwantena?” kawai. Faɗa masa ƙafa 20 ce ko 40, nauyinta, irin kayan, da unguwar da sito yake. Tayil ko siminti kan cika nauyi tun kwantena ba ta cika ba, farashin mota kuma ya canza.

Wani Alhaji ya ce shi an taɓa ba shi farashi mai daɗi, ashe babu kuɗin mayar da kwantena fanko tashar jirgi, babu kuma kuɗin ajiyar da kamfanin jirgi ke riƙewa har ta dawo. Shi ya sa yanzu yake cewa a rubuto masa komai dalla-dalla, har kuɗin duwan.

Kan kwanaki kuwa, tambayar ita ce daga yaushe ake ƙirgawa: saukar kwantena daga jirgi, ko fitarta daga tasha? Kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, tafiyar Parakou, Malanville, Gaya, Dosso, Ƙonni ba ita ke cin lokaci ba, jiran takardu ne da layin iyaka. Kwanakin da kamfanin jirgi ya ba ka kyauta suna ƙarewa, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, ko mota na tsaye a Gaya.