Katin kasuwanci da Sinanci: sauƙaƙaƙƙen rubutu ko tsohon?

Dan Dawanau: Slm yan uwa. Ina harkar riɗi da busasshiyar citta, watan Oktoba in sha Allah zan je Guangzhou lokacin baje kolin Canton Fair in gana da wasu masu saye, sannan akwai wani mutumin Taiwan da muke magana ta imel yace in turo masa takardar bayanin kaya da Sinanci. Yaron da zai fassara min ya tambaye ni wai sauƙaƙaƙƙen rubutu nake so ko tsohon, ni ban ma san biyu bane. Kati 500 zan buga kuma kuɗin bugu ɗaya gareni. Wanne zan ɗauka?

Abu Hanifa: Wslm Alhaji. Tsohon zaka buga. Mutanen Guangzhou yaren Kanton suke yi irin na Hong Kong, kuma Hong Kong tsohon rubutu suke amfani da shi, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu har da na Taiwan ɗin.

Malam Sinanci: Malam Abu Hanifa ka yi gaskiya a rabi. Eh suna jin Kanton a Guangzhou, amma abin da baki ke furtawa daban, abin da ake rubutawa daban. Guangzhou cikin babban yankin Sin take, tun 1956 gwamnati ta fara rage wa haruffa zane, 1964 aka fitar da cikakken jeri, to duk wanda ya yi makaranta a can sauƙaƙaƙƙen ya koya, shi ne a allon titi, shi ne a rasit, shi ne a takardar banki. Singafo da Malesiya ma shi suke bi. Tsohon kuwa Taiwan ne da Hong Kong da Macau. Na yi shekara biyar ina karatu a can kuma ina yiwa yan kasuwarmu tafinta, ban taɓa ganin kamfanin Guangzhou ya miƙo kati da tsohon rubutu ba sai in mai shi ɗan Hong Kong ne ko ɗan Taiwan.

Alhaji ka raba abin gida biyu. Katin da zaka riƙa miƙawa hannu da hannu a Guangzhou ka buga shi da sauƙaƙaƙƙe, baya kuma Turanci. Mutumin Taiwan ai ba kati zaka aika masa ba, PDF ne, ba ya cin kuɗin bugu, sai a yi masa nasa daban da tsohon rubutu. Don haka bugu ɗayan da kake da kuɗinsa ya isa.

Dan Dawanau: Madalla Malam. To amma idan na tura masa sauƙaƙaƙƙen ba zai iya karantawa bane?

Malam Sinanci: Zai karanta mafi yawa, musamman ɗan kasuwa da ya saba hulɗa da babban yankin Sin. Amma zai gane nan take takardar ba don shi aka yi ta ba, kuma ka san akwai siyasa tsakaninsu, wani ba zai ce komai ba wani zai ji wani iri. Kuma ba siffar harafi kaɗai ta bambanta ba, kalmomi ma. Sunan ƙasarmu a Sin 尼日利亚 ne, a Taiwan 奈及利亞, a Hong Kong 尼日利亞. Kwantena a takardar Sin 集装箱, a Taiwan 貨櫃. Ingancin kaya a Sin 质量 suke cewa, ɗan Taiwan 品質 zai rubuta. Ka ci sa'a da riɗi, 芝麻 ne ko'ina ba ya canzawa. Cittar ce mai aiki.

Maman Ilham: Nima abin ya taɓa ci na wlh. Zoɓo nake turawa, aka yi min takarda mai kyau, na ce ai ƙanina ya iya kwamfuta sai ya zuba ta a wani shafi ya danna ta koma tsohon rubutu, muka tura Taipei. Matar ta dawo min da ita ta ja jan layi ƙarƙashin harafi ɗaya har wuri huɗu, ta ce in cire kafin maigidanta ya gani, ta saka min ɗan hoton dariya. Har yau ban san me muka rubuta ba, kunya ta hana ni tambaya.

Malam Sinanci: Hajiya ina kyautata zaton wurin da aka ce busasshe ne, kuma shi ne zai samu Alhaji in bai kula ba. Lokacin da aka sauƙaƙa rubutun an tattara haruffa biyu ko uku an mayar da su ɗaya. 干 a sauƙaƙaƙƙe yana tsayawa a madadin 乾 wato bushewa, da kuma 幹 wato yin aiki, shi wannan na biyun idan ya tsaya haka a Taiwan ashar ne babba. Manhajar da ke juya harafi ɗaya bayan ɗaya ba ta san wanne kake nufi ba, sai ta zaɓa maka. Busasshiyar citta a Guangzhou 干姜 ce, a Taiwan dole ta zama 乾薑, duka haruffan biyu sun canza. In ka ga 幹姜 an yi ɓarna biyu kenan, na farko ashar, na biyu kuma 姜 a tsohon rubutu an fi saninsa da sunan dangi. Haka 发 yake, ko 發 na aika kaya ko 髮 na gashin kai, sai ka ce ranar tura kaya ta fito da gashi a ciki.

Daga tsoho zuwa sauƙaƙaƙƙe injin ba ya cika kuskure, komawa baya ne matsalar. In yaronka ya iya, ya yi amfani da manhajar OpenCC, akwai tsarin da ke canza har wasu kalmomi zuwa na Taiwan:

```
opencc -i kaya.txt -o kaya_tw.txt -c s2twp.json
```

Duk da haka sai ɗan Taiwan ya karanta kafin ka tura, shafi ɗaya ne minti goma ya ishe shi.

Sani Mai Waya: Ni dai duk wannan wahala ce, shekara nawa ina zuwa sayen kayan waya ban taɓa buga kati da Sinanci ba, kalkuleta da WeChat sun ishe ni.

Dan Dawanau: Sani kai saye kake zuwa yi, mai kuɗi a hannu ko da kurma ne za a fahimce shi. Ni tallar kaya zan kai.

Baban Khalifa Dizain: Ta ɓangaren bugu zan sa baki tunda aikina ne. Ka ce wa mai fassarar ya turo PDF da font ɗin a ciki, kar ya turo Word, don in kwamfutar mai bugu ba ta da shi sai ka ga akwatuna sun fito a wurin haruffa, ko harafi ɗaya ya fi sauran kauri saboda ta aro shi daga wani font. Noto Sans SC na katin Guangzhou, Noto Sans TC na takardar Taiwan, kyauta ne. Kuma a kati kar a yi rubutun ƙanana sosai, rubutun Sinanci zanensa ya yi yawa, in ya ƙanƙance tawada sai ta cushe shi ya zama ɗigo. A fara buga guda ɗaya ka ɗauki hoto ka turawa mai sayenka na can ya duba kafin a saki 500.

Abu Hanifa: Toh na karɓi gyara, amma ni har yanzu ina ganin tsohon ya fi kwarjini, ai a Guangzhou ɗin na ga shaguna da shi a saman ƙofa.

Malam Sinanci: Akwai, a tambari da rubutun hannu na ado, wasu na ganin ya fi daraja. Sunan kamfani a tambari in Alhaji na so ba laifi, amma adireshi da bayanin kaya kar a gauraya. Alhaji ga gwajin da zaka yi da idonka ko baka iya karatun ba: nemi harafin ƙarshe na Najeriya, 亚 a kati, 亞 a takardar Taiwan.

Dan Dawanau: Na gode ƙwarai. Saura sunana, shi yaron yace a bar shi da boko, wani kuma yace in sa a raɗa min na Sinanci. Malam ya kake gani?

Maman Ilham: Ni dai nawa da boko na bar shi, kuma suna kirana daidai.